Saƙon Maraba na Malam Dabo

Malam Dabo Abdulƙahhar ya yi shekara talatin da huɗu yana aikin wayoyi da fitilun sigina a tashar jirgin ƙasa ta Kano, kuma ba ya yarda mutum ya yi minti goma a gabansa bai san haka ba. Da ya yi ritaya sai ya zauna a gidansu na Fagge, wanda mahaifinsa ya saya tun zuwansu daga Borno, ya mayar da shagon ƙofar gida wurin kwance-kwance. Matattun rediyo ne a ciki, da fankoki marasa kai, da tocila iri-iri. Ba don kuɗi yake yi ba. Idan maƙwabci ya kawo masa gyara zai gyara kyauta, sai dai mai kaya zai tsaya ya saurari bayanin irin wautar da ya yi har abin ya lalace. Da yawa sun gwammace su kai wa mai karɓar kuɗi.

'Yar ƙanwarsa Mahbuba ce ta jawo shi cikin Discord, wata manhajar hira ta intanet. Malamar kwamfuta ce a wata sakandaren 'yan mata, kuma ita da Onyekachi, mai sayar da ƙananan kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari, suka buɗe saba, wato dandalinsu na kansu a cikin manhajar, domin masu sha'awar haɗe-haɗe su riƙa tambaya ana ba su amsa. Suka sa mata suna 'Yan Dalma. Mahbuba ta yi tunanin kawunta na da ilimi kuma yana da lokaci, ita ma matarsa Hajiya Gumsu ta gaji da jin labarin sigina a kan tuwo. Sai ta sa masa manhajar a waya, ta ba shi matsayin mai kula da zaure, wanda ke iya goge saƙon kowa da kuma kafe saƙo. Kafewa na nufin a ajiye saƙo a gefe, duk wanda ya taɓa alamar ƙusa ya gan shi, ko da hira ta yi nisa ta bar shi a baya.

Sati ɗaya da shigarsa aka yi tambaya iri ɗaya sau huɗu: wane ƙarfen dalma ne mai sauƙin kuɗi. Malam Dabo ya amsa ta farko da haƙuri, ta biyu da rabin haƙuri. A ta huɗu ya sanar cewa zai rubuta saƙon maraba, a kafe shi, kowa ya huta.

Kwana biyu ya yi yana rubutu a takarda, sannan ya kwafe a waya da yatsa ɗaya. Da ya zo ƙarshe sai ya ga wata lamba ja a gefe, Discord ya ƙi karɓa. Ya kira Mahbuba ya ce abin nasu ya lalace.

"Bai lalace ba, Kawu," in ji ta. "Saƙo ɗaya ba ya wuce harafi dubu biyu. Lambar nan tana gaya maka yawan abin da ya yi rara. Ko ka raba shi biyu, ko ka rage."

Raba shi biyu bai yi masa ba, don a ganinsa doka ba ta zuwa guntu-guntu. Rarar harafi ɗari uku da 'yan kai ce. Ya duba sakin layi na farko, wanda ya ƙunshi sunansa, shekarunsa na aiki da kwasa-kwasan da ya yi a Zariya, ya ga babu abin taɓawa. Ya duba dokokin guda goma sha biyu. Ta ƙarshe ita ce mafi tsawo, gargaɗi ne a kan batiran lityum da ake cirowa daga tsohuwar laftof, cewa kada a kuskura a haɗa su kai tsaye da caja. Ya ce a ransa duk mai hankali ai ya san wannan. Ya goge ta, lambar ja ta ɓace, ya aika, ya kafe.

Saƙon ya fara da kalmar maraba, kuma daga nan ba ta sake fitowa ba. Doka ta ɗaya ta ce sabon shiga ya yi sati biyu yana karatu kafin ya buɗe baki. Ta uku ta ce a bincika tukuna, domin babu tambayar da ba a taɓa yi ba. Ta shida ta ce tambayar da ba ta zo da zanen yadda aka haɗa wayoyi ba za a goge ta. Ta goma sha ɗaya ta ce wanda bai san bambancin bolt da amfiya ba ya je ya sani ya dawo.

Mahbuba ta karanta. Ita ce mai sabar, amma Discord ba ya barin kowa ya gyara saƙon wani, ko da mai gida ne. Tana iya gogewa ko ta cire kafin, ba ta iya canza ko wasali ɗaya. Goge rubutun kawunta kuwa magana ce da za ta kai har kunnen mahaifiyarta. Sai ta rubuta nata mai taushi, ta kafe a kusa da nasa, da fatan ba zai lura ba. Ta manta cewa duk lokacin da aka kafe saƙo, zauren da kansa yake sanarwa: wance ta kafe saƙo. Kwana uku tana zuwa gaisuwa yana amsa mata da "lafiya" ɗaya tak, idonsa a kan rediyo. A na huɗu ta cire nata.

Wata takwas suka wuce a haka. Mutanen saba suka kai ɗari huɗu da goma sha biyu, domin Onyekachi na ba duk wanda ya sayi kaya a shagonsa hanyar shiga. Masu magana kuwa ba su kai ashirin ba, kuma yawancinsu masu gyara ne da suka riga suka iya, suna nuna wa juna hotunan aikinsu. Idan wani baƙo ya faɗo da tambaya, Malam Dabo zai amsa masa da kalma biyu: duba ƙusa. Babban ƙorafinsa a duniya shi ne babu mai karanta saƙonsa. Shirun da zauren ya yi kuma, shi a wurinsa tsari ne. Yakan gaya wa Hajiya Gumsu cewa ya gyara wurin, yanzu ba hayaniya.

"Maƙabarta ma ba hayaniya," in ji ta, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Wata ranar Laraba da hantsi dalmarsa ta ƙare, ya hau adaidaita zuwa Sabon Gari. Shagon Onyekachi ɗan tsukuku ne, bango cike da aljihunan roba, kowane da sunan abin da ke ciki. A Kano aka haifi Onyekachi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Fagge. Ya jawo wa Malam Dabo kujera, ya ce Baba ya huta tukuna, ya aika a kawo ruwa mai sanyi.

Suna cikin gaisawa wata mata ta shigo, za ta yi shekara arba'in da biyar, riƙe da gwangwanin madara cike da yashi. Yatsunta biyu na hannun dama a naɗe suke da bandeji. Onyekachi ya kira ta Madam Obiageli, ya gaya wa Malam Dabo cewa tana da shagon kayan masarufi a kasuwar Singa, kuma ta kan zo ta sayi ƙananan ƙwayayen fitila tana wasa da su idan kasuwa ta yi sanyi. Ta ajiye gwangwanin a kan kanta, ta tona yashin da biro. Batira huɗu ne a ciki, biyu sun yi baƙi, ɗaya ya fashe ta kai.

"Na kawo ne ka gaya mini inda ake zubar da su," in ji ta. "Tsoron sa su a shara nake."

Onyekachi ya tambaye ta me ya faru. Ta ce fitila take son haɗawa don cikin sito, inda ba taga, idan an ɗauke wuta sai da hasken waya ake neman kwali. Ta ciro batiran daga tsohuwar laftof ɗin mijinta, ta jera su, fitilar ta kama, ta ji daɗi. Da suka yi sanyi sai ta ce tunda daga laftof suka fito, ai cajar laftof ce tasu. Ta yanke kan cajar ta haɗa wayoyin kai tsaye. Ba a jima ba ta ji wari, ɗaya ya fara huci, ta kai hannu ta fizge wayar, wuta ta tashi. Ledar teburi ta ƙone, kwalin taliya ɗaya ya kama, masu dako suka kashe da yashi.

Malam Dabo ya ji abin da ya saba ji idan aka kawo masa rediyon da aka jona a wutar da ta fi ƙarfinta. Bai iya yin shiru ba.

"Madam, cajar nan bolt goma sha tara take bayarwa. Batirin nan huɗu da ɗigo biyu ne iyakarsa. Akwai ɗan allon caji da ake sawa a tsakani, ga shi can a aljihun bayan Onyekachi, bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Ke da kike da baki, me ya hana ki tambaya?"

"Na so in tambaya, Baba."

"To?"

"Onyekachi ya sa ni a wata saba tasu. Da na shiga na ga ana ta cewa a duba ƙusa, sai na duba. Wani ne ya rubuta dokoki, wai maraba."

Onyekachi ya fara tari. Ya ce Madam ko za ta sha ruwa. Ta ce ta gode, ta sha a hanya.

"Sau uku na karanta," ta ci gaba. "Ni fa mai bin doka ce. Ya ce sati biyu ba magana, na yi kwana goma sha ɗaya ina ƙirgawa. Ya ce a bincika, na bincika, amma ban san sunan abin da nake nema ba, to me zan rubuta? Ya ce sai da zane. Na zauna da bayan kwali na zana, abin ya fito kamar kifi. Na ce wannan idan na tura, mai kwas ɗin Zariya zai goge ni ni da kifin. Bolt da amfiya kuma har yau ban san wane ne babba ba. Ranar ta goma sha ɗaya na ce bari dai in gwada, in ya so in ba su labari idan wa'adina ya cika."

Ta ciro waya da hannun hagu, ta buɗe, ta miƙa wa Malam Dabo. Tambayar na nan a wurin rubutu, ba a aika ba, layi ɗaya: Don Allah zan iya cajin batiran laftof da cajar laftof kai tsaye? Amsarta kalma ɗaya ce, kuma ya san ta tun kafin a haifi matar. Sai ta taɓa ƙusar ta nuna masa saƙon, don ya ga ba ƙari ta yi ba. A gefe ga hotonsa, wanda aka ɗauka shekara talatin da suka wuce, da hular aiki da baƙin gashin baki.

"Ka ga mutumin," in ji ta. "Ya gaya mana kwas nawa ya yi. Da ya rage kwas ɗaya ya ce kada a yi abin da na yi, da yanzu ina iya ƙirga kuɗi da hannuna."

Malam Dabo ya dubi hoton, ya dubi bandejin. Ya tuna da lambar ja. Yana iya miƙa mata wayar ya ce lallai mutumin bai kyauta ba, ya karɓi dalmarsa ya tafi, kuma ya san Onyekachi ba zai tona ba. Har ya buɗe baki da niyyar haka.

"Ni ne," in ji shi.

Ta dubi hoton ta dube shi, ta sake duban hoton. Ba ta ba da haƙuri ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Ta karɓi wayarta ta sa a jaka.

"Sannu da aiki, Baba. Jiya sati biyuna ya cika. Zan iya tambaya yanzu, ko akwai wani fom?"

Onyekachi ya duƙa ƙarƙashin kanta yana neman abin da bai ɓata ba. Malam Dabo ya ce ta bar batiran a cikin yashin a nan, za a san yadda za a yi da su, kada ta sa a shara. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Ya fita bai karɓi dalmar ba.

A cikin adaidaita ya shirya hujjojinsa tsaf. Babu wanda ya ce ta yanke kan caja. Dokar ta ce kada a yi magana, ba ta ce a yi wauta ba. Ya isa gida ya jera wa Hajiya Gumsu su duka, ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye shi yatsu nawa ne. Ya ce biyu. Ta ce to da sauƙi, tunda hujjojinsa sun fi yatsun yawa.

Bayan la'asar ya aika a kira Mahbuba. Ta zo daga makaranta da jakarta, ta durƙusa ta gaishe shi a shagon. Onyekachi ya riga ya gaya mata komai, amma ta zauna ta yi fuskar wadda ba ta ji ba.

"Mutanen nan ɗari huɗu," in ji shi, "da ba sa magana. Ina suke?"

"Suna nan, Kawu. Wasu sukan biyo ni ta saƙon sirri su yi tambaya, su ce kada in faɗa. Wanda na sani in amsa, wanda ban sani ba in ce su tambaya a zaure, sai su ce a bar shi."

"Ni na ɗauka ba a karanta saƙon."

"Masu tambayar da kake kora, su ne ba su karanta ba. Waɗanda suka karanta su ne ba ka taɓa jin muryarsu ba."

Ya ɗauki sukurdireba ya juya ta a hannu. Ta ce idan yana so za ta rubuta sabo ta kafe, a cire tsohon ba tare da surutu ba. Ya ce a'a. Wanda ya haɗa waya ba daidai ba shi ke kwancewa. Ya miƙa mata wayarsa ya ce ta nuna masa inda ake gyara, shi zai faɗa ita ta rubuta, don yatsarsa ɗaya ba za ta kai magariba ba.

Aikin bai tafi da sauƙi ba. Ya ce a fara da gargaɗin batir, ta rubuta. Ya ƙara na wutar gida, cewa kada a buɗe abin da ke jone, da na tsohuwar talabijin da ke riƙe wuta a cikinta ko an zare ta. Lambar ja ta fito. Ya ce a cire dokar sati biyu, ta cire. Lambar na nan. Aka cire ta zane, aka mayar da ita: ɗauki hoton abin yadda yake. Saura harafi ɗari biyu da saba'in. Sai Mahbuba ta gungura zuwa sakin layi na farko ta riƙe wayar a gabansa.

"Kwas ɗin Zariya na biyu za a iya cirewa," in ji shi. "Dama maimaici ne."

Ta cire. Saura ɗari da casa'in.

"Na farkon fa, mutane na bukatar su san da wa suke magana."

"Gaskiya ne, Kawu. To a rage gargaɗin batir?"

Ya harare ta. Ta sunkuyar da kai kamar mai ladabi, kuma ya san sarai ba ladabin ba ne. Kwas na farko ya tafi, lambar yabon da aka ba shi ta bi baya. Ya yi ƙoƙarin ceto shekara talatin da huɗu, ya ce a rubuta da lamba ba da kalmomi ba, ai harafi biyu ne kawai. Ta bar masa. Daga ƙarshe abin da ya rage ga shi:

"Maraba da zuwa 'Yan Dalma. Tambaya aka buɗe wurin nan dominta, a yi ta tun ranar farko. Ba sai ka san sunan abu ba, ɗauki hotonsa ka ce wannan. Ko an taɓa tambaya, a sake. Abu uku ne ba a gwadawa sai an tambaya: batirin lityum, wutar gida, da cikin tsohuwar talabijin. Kada a haɗa batirin lityum da caja kai tsaye, yana kamawa da wuta. Idan ya kumbura ko ya yi zafi, kada a kai hannu, a kashe wuta daga soket a matsa." Sai bayanin ɗakunan sabar da abin da ake yi a kowanne, sannan a ƙasa: "Dabo, shekara 34 a aikin waya. Idan na amsa da faɗa, a gaya wa Mahbuba."

Layin ƙarshen ita ta ƙara, ya gani, ya yi kamar bai gani ba. Ta taɓa alamar adanawa. A ƙarshen saƙon wata 'yar kalma ta fito da ƙananan haruffa, mai nuna an gyara shi.

"Wannan fa? Goge ta."

"Ba ta goguwa, Kawu."

"Wato kowa zai san na canza."

"Wanda ya buɗe ƙusa kaɗai. Gyara ba ya kaɗa wayar kowa. Mutum ɗari huɗun nan sun karanta sau ɗaya sun ƙoshi, ba za su koma ba. Sai an kira su."

Ta nuna masa yadda ake rubuta @everyone, wanda ke aika sanarwa ga duk wanda ke sabar, in ban da waɗanda suka toshe irinta. Ta ce ita za ta iya yi a madadinsa. Ya daɗe yana kallon titi, inda masu adaidaita ke rigima da wata motar atamfa da ta tare hanya. Sannan ya karɓi wayar ya rubuta da yatsarsa: "Na gyara saƙon maraba. Na da ya hana wata mata yin tambaya, ta ƙone a hannu. Laifin rubutuna ne. A karanta sabon, a yi tambaya." Ya aika da sauri kafin ya sake tunani.

Kafin a kira magariba tambaya tara ta shigo. Washegari suka wuce arba'in. Wani ya turo hoton fankar caji ya ce wannan. Wata ta ce ta yi wata biyar tana son sanin ko dalma guba ce. Wani ɗalibin jami'a ya ce batirinsa ya yi ciki, ya huda shi iskar ta fita? Malam Dabo ya rubuta A'A da manyan haruffa har sau uku kafin ya yi bayani. Mutum shida suka tambayi wane ƙarfen dalma ne mai sauƙin kuɗi. Ya amsa wa biyar. Na shida ya rubuta masa wani abu, ya karanta, ya goge, ya tashi ya zaga tsakar gida, ya dawo ya amsa. Tsofaffin 'yan zauren, masu nuna hotuna, biyu suka fita, ɗaya ya bar saƙo cewa wurin ya zama aji ɗaya na firamare.

Obiageli ba ta rubuta komai ba. Ya duba sunanta a jerin mutane ya ga tana nan, amma shiru. Ran Asabar ya biya ta shagon Onyekachi ya sayi allon caji, da gidan batir mai maɓalli wanda ba ya bukatar a ɗora dalma a jikin batirin, da sababbin batira biyu. Ya tambayi kwatancen shagonta, ya nufi Singa.

Ya same ta tana lodin kwalayen sabulu. Ta gaishe shi da Baba, ta sa aka ba shi benci, ta ce tana zuwa. Ya zauna minti arba'in tsakanin buhunan sukari, masu dako na ce masa gafara dai tsoho. Bai tabbatar ko da gangan ta yi ba, bai kuma tambaya ba.

Da ta sallami mutanenta ta shigar da shi sito, ta nuna masa teburin da tabon ƙuna. Ya baje kayan ya fara bayani tun daga yadda aka gano lantarki. Ta ce Baba, wace waya ce ke zuwa ina. Ya nuna mata. Da aka zo ɗora dalma ya ɗauki ƙarfen, sai hannunsa ya riƙa rawa a kan 'yan ramukan allon, waɗanda ba su kai ƙwayar gero biyu ba. Shekara biyu ke nan yana fama da haka, bai gaya wa kowa ba, shi ya sa rediyoyin shagonsa suka daɗe a buɗe. Ya gwada sau biyu, dalmar ta zube a gefe.

"Kawo," in ji ta. "Kai riƙe allon."

Ta kama ƙarfen da yatsu ukun da suka rage mata lafiya. Ya gaya mata ta fara ɗumama wurin kafin ta kawo dalmar, ta ƙirga biyu, ta ɗaga. Ɗigon farko ya yi tsibi. Na biyu ya kwanta sumul yana ƙyalli. Ya ɗaga allon kusa da idonsa ya juya shi, yana neman abin kushewa, bai samu ba.

"Ba laifi," in ji shi.

Suka jona cajar waya, ƙaramar fitilar allon ta kama ja. Ya ce idan ta canza launi batir ya cika. Ta danna maɓalli, sito ya yi haske har bangon ƙarshe, inda ta hango kwalin tumatirin gwangwani biyu da ta yi wata guda tana zargin masu dako da su. Ta tsaya tana kallonsu, hannu a ƙugu, sannan ta leƙa waje ta kira shugaban masu dakon, ta ce ya zo akwai maganar da za ta janye.